Kafin ka danna Replace All a rubutun da ka kwafo daga PDF



Akwai shawarar da ake yawan bai wa duk wanda ya kwafo rubutu daga takardar da aka yi wa sikan ya ga ya fito a kakkarye. Ana ce masa ya je intanet ya nemi shafin da ke cire karyewar layi, ya zuba rubutunsa, ya danna maɓalli ɗaya, shi ke nan. Ni dai ban yarda da wannan shawara ba, musamman idan rubutun na Hausa ne ko kuma akwai kuɗi, kwanan wata da lambar sashe a ciki. Dalilina shi ne rubutun da ya fito a kakkarye kowa na ganin ɓarnarsa, don haka za a gyara. Wanda aka share da dannawa ɗaya kuwa yakan fito sumul, ido ya kwanta da shi, alhali an sauya masa ma'ana a wurare biyu ko uku da babu wanda zai lura sai ranar da aka zo gardama a kai.

Bari mu fara da abin da ke jawo matsalar, don idan ka gane shi sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Takardar da aka yi wa sikan hoto ce kawai aka sa cikin fayil na PDF. Babu harafi ko ɗaya a cikinta. Idan ka ga kana iya zaɓar rubutu ka kwafa, to wata manhaja ce ta kalli hoton ta yi hasashen haruffan, ta shimfiɗa su a ɓoye ƙarƙashin hoton. Wannan aikin shi ake kira OCR, kuma shi ne dai abin da Google Lens ke yi idan ka haska masa takarda. Abin da idonka ke gani a fuskar wayar hoton ne, abin da kake kwafowa kuma hasashen ne. Shi ya sa takardar za ta nuna maka "Birnin Kebbi" ɓaro-ɓaro, ka liƙa a WhatsApp ka ga "Bimin Kebbi", domin r da n sun manne a hoton, manhajar ta ɗauka m ce.

Abu na biyu, manhajar layi-layi take karantawa. Ba ta san jimla ba. Inda layi ya ƙare a takarda, nan take sa alamar sauka layi, kamar mutum ya danna Enter. Faɗin wayarka kuma ba ɗaya yake da faɗin takardar ba, sai ka ga layi guda dogo, na bayansa kalma biyu, na gaba dogo, haka har ƙasa.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce kai ne sakataren wata ƙungiyar taimakon juna ta unguwa. Tsarin mulkinku shafi 12 ne, an buga shi shekarun baya, fayil ɗin asali ya ɓace tare da kwamfutar da aka buga shi, abin da ya rage sai kwafin takarda da aka kai shago aka yi wa sikan. Yanzu taro ya amince a gyara sashe ɗaya a tura wa kowa sabon kwafi. Ka kwafo rubutun, ga yadda wani yanki ya fito:

```
7. Kowane dan kungiya zai biya N2,OOO wata-
wata. Wanda ya kasa biya har wata uku za a
kai maganarsa gaban kwamitin ladabtar-
wa kamar yadda sashe na 9-
11 ya tanada. Ma`aji zai ajiye
TSARIN MULKIN KUNGIYA     4
kudin a asusun kungiya.
```

Dubi karan ɗorin da ke ƙarshen layi, guda uku ne, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Na "ladabtar-" mai buga takardar ne ya raba kalma saboda wuri ya ƙare masa, don haka cire shi ya kamata a yi. Na "wata-" kuwa na kalmar ne, wata-wata ake nufi. Na "9-" yana nufin daga sashe na 9 zuwa na 11. Duk abin da zai share karan ɗorin ƙarshen layi a lokaci guda zai gyara maka na farko, ya ba ka "watawata" a na biyu, a na uku kuma ya ba ka "sashe na 911", sashen da babu shi a duniya. Wanda zai bar su duka kuma zai ba ka "ladabtar- wa". Babu wata doka guda da za ta raba maka ukun nan. Sai mai jin harshen ya duba.

Kuma mu Hausawa abin ya fi shafar mu. A Turanci karan ɗorin ƙarshen layi galibi raba kalma ne. Mu kuwa rubutunmu cike yake da daban-daban, sannu-sannu, gyare-gyare, tafiye-tafiye, shige-da-fice, fasa-ƙwauri. Ka tuna da irin "kowa zai ba da dubu biyar-biyar". Idan ya koma "biyarbiyar", wani mai son gyara zai zo ya ɗauka maimaici ne ya goge ɗaya, a wayi gari takarda na cewa dubu biyar. A wannan jimlar "kowa" ya cece ka. A jimla irin "a raba musu dubu biyar-biyar" kuwa babu mai ceto, an mayar da rabon kowa ya zama na taron gaba ɗaya.

Kafin ka fara: shin rubutun ya cancanci gyara?

Wannan tambayar mutane ba sa yi, suna faɗawa gyara kai tsaye. Karanta sakin layi ɗaya ka kwatanta da hoton. Idan kusan kowane layi akwai kalmar da ta lalace, kada ka ɓata lokacinka, sake ɗaukar takardar ya fi sauƙi. Shimfiɗa ta a wuri mai haske, ba inuwar hannunka a kai, wayar tana kallon ta kai tsaye ba a karkace ba, shafi ɗaya ya cika hoton. Idan a shago za a yi da na'ura, ka ce a sa 300 dpi, shi ne ma'aunin da aka saba ba da shawara don OCR. Sannan kada ka yi aiki da hoton shafi da aka turo maka a WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse shi, ƙananan alamomi irin ƙugiyar ɗ da waƙafi su ne ke fara dusashewa. Ka ce a sake turowa ta Document.

Ko sikan ɗin ya yi kyau, kada ka sa ran babu kuskure. Yi lissafi da kanka: a ce shafi na da haruffa 2,000, manhajar kuma ta dace a 99 cikin 100. Saura kuskure 20 ke nan a shafi guda, a shafi 12 kuma 240. Kashi 99 a baki kamar an gama ne, a takarda kuwa da sauran aiki.

A ina za a yi aikin? Wanda ke da kwamfuta, Word ya ishe shi. Mai waya kuma ya nemi manhajar rubutu zalla wadda wurin bincikenta ke da zaɓin Regex, irin QuickEdit ko Markor a Android. Regex hanya ce ta neman siffar rubutu maimakon kalma guda, misali "karan ɗorin da sauka layi ke bin sa". Ba sai ka koye shi ba, layuka huɗu kawai za mu yi amfani da su, ka kwafa yadda suke. Lokacin liƙawa ka zaɓi Paste as plain text a waya, ko Keep Text Only a Word, don kada girman haruffa da tazarar da manhajar ta ƙirƙiro su biyo ka. Ka kuma ajiye kwafin ɗanyen rubutun a gefe da wani suna. Za ka buƙace shi ranar da wata dannawa ta yi maka ɓarna ka gane bayan Undo ya wuce.

Yanzu aikin kansa. Jerin da za ka bi shi ne kusan rabin maganar, domin kowane mataki yana dogara ne da alamar da na bayansa zai goge.

Da farko kwashe tarkace. Kan shafi, lambar shafi, da duk abin da tambari ko sa hannu ya haifar. A misalinmu "TSARIN MULKIN KUNGIYA 4" ya faɗo tsakiyar jimlar ma'aji. Yanzu da yake zaune a layinsa shi kaɗai, ganinsa ba wuya, shafi 12 wuri 12 ne. Idan ka bari sai ka haɗa layuka, zai nutse cikin jimla, ka samu "zai ajiye TSARIN MULKIN KUNGIYA 4 kuɗin". Kan shafin ma da sauƙi tunda manyan haruffa ne. Lambar shafi ita kaɗai ce mugunta: idan "4" ta faɗo bayan kalma irin "wata" ko "mutum", za ta zauna daram kamar da ita aka rubuta dokar.

Na biyu, kare sakin layi. Manhajar ta sa alama iri ɗaya a ƙarshen kowane layi da ƙarshen kowane sakin layi, don haka kai ne za ka bambanta su. Hanyar ita ce ka tabbatar akwai layi fanko guda tsakanin duk abin da kake so ya tsaya da kansa: kowane sakin layi, kowane kanun sashe, kowane abu a cikin jeri irin (a), (b), (c), kowane suna a jerin shugabanni. Wani lokaci OCR kan sa fankon da kansa, wani lokaci bai sa ba. Bi rubutun da hoton a gefe kana danna Enter inda babu. Wannan ne matakin da ya fi gundura, kuma shi ne wanda idan ka tsallake za ka samu shafi 12 sun dunƙule sun zama sakin layi ɗaya. Idan akwai waƙa, adireshi ko jadawali a ciki, yanke su ka ajiye a wani wuri, ka dawo da su bayan an gama. Jadawalin kuɗi ma ni shawarata a sake buga shi da hannu, don OCR kan karanta shi ta yadda adadi zai bar sunan mai shi ya koma gaban na wani.

Daga nan ka share sararin da ke maƙale a ƙarshen layuka, wanda ido ba ya gani amma yana hana bincike na gaba aiki. A waya, kunna Regex, nemi wannan, ka bar wurin musanyawa fanko, ka danna Replace All. Wannan kam babu haɗari:

```
[ \t]+(?=\n)
```

Na uku, karan ɗori, kuma a nan ne za ka zauna. Nemi wannan a waya:

```
-\n
```

A Word kuma `-^p` za ka rubuta. Kada ka musanya komai tukuna. Bi su ɗaya bayan ɗaya da maɓallin zuwa na gaba. Duk inda ka ga karan ɗorin na gaskiya ne, sai ka jawo layin ƙasa da hannu ya haɗu da na sama, karan ɗorin na nan a wurinsa: wata-wata, 9-11. Da ka yi haka ya bar ƙarshen layi, binciken ba zai ƙara ganin sa ba. Inda raba kalma ne kuma ka wuce shi kawai. Idan ka kai ƙarshe, duk abin da ya rage na cirewa ne, sai ka bar wurin musanyawa fanko ka danna Replace All hankali kwance. "Ladabtar-" da "wa" za su koma "ladabtarwa".

Yaya za ka gane na gaskiya da sauri? Idan abin da ke bayan karan ɗorin maimaicin na gabansa ne, na gaskiya ne. Idan akwai lamba a kowane gefe, na gaskiya ne, ko shekara ce irin 2019-2021, ko lokaci irin ƙarfe 4-6, ko lambar waya. Idan kowane ɓari kalma ce mai zaman kanta, tsaya ka karanta jimlar. Idan kuwa ɓari ɗaya ba ya nufin komai shi kaɗai, irin "ladabtar" da "wa", ko "ƙun" da "giya" (to, giya kalma ce, amma ka gane ba ita ake nufi a tsarin mulkinku ba), raba kalma ne.

Abubuwa biyu kan sa binciken ya ce bai samu komai ba alhali kana ganin su. Wasu manhajojin kan haɗa layukan da kansu kafin su ba ka, sai karan ɗorin ya koma tsakiyar layi da sarari a bayansa, kamar "ladabtar- wa". A nan karan ɗori da sarari ɗaya za ka nema, ka bi su yadda muka faɗa. Wasu kuma kan rubuta shi da wata alama, irin wannan ¬. Kwafi alamar daga cikin rubutun ka liƙa a wurin bincike maimakon ka buga ta. A Word akwai kuma ɓoyayyen karan ɗori da ba ya fitowa sai kalma ta zo ƙarshen layi, ana neman sa da `^-`.

Na huɗu, sai yanzu za a haɗa layuka. A waya nemi wannan, a wurin musanyawa ka sa sarari guda ɗaya:

```
(?<!\n)\n(?!\n)
```

Ma'anarsa: sauka layin da yake shi kaɗai, babu wani a gabansa ko bayansa. Inda ka bar layi fanko akwai guda biyu a jere, don haka ba zai taɓa su ba. Sararin nan kada ka manta da shi, in ba haka ba "za a" da "kai" za su koma "za akai". Gwada a kan sakin layi biyu tukuna ka ga yadda manhajarka ta karɓe shi.

A Word zagaye uku ne:

```
^p^p  →  @@@
^p    →  (sarari ɗaya)
@@@   →  ^p
```

Wato ka ɓoye iyakar sakin layi a bayan wata alama da babu ita a rubutun, ka haɗa sauran, sannan ka dawo da iyakar. Idan Word ya ce bai ga `^p` a inda layukan suka karye ba, danna alamar ¶ ka duba ƙarshen layin. Idan lanƙwasasshiyar kibiya ce a wurin, to `^l` za ka nema. Irin wannan ma ya fi sauƙi, domin sau da yawa iyakar sakin layin na nan da ¶ ɗinta daban. Bayan haka nemi sarari biyu ka mayar ɗaya, ka maimaita har ya ce babu saura.

Ka ga dalilin jerin yanzu. Karan ɗori kafin haɗa layi, domin kasancewarsa a ƙarshen layi ita ce shaidar da ke nuna maka wanda ake tuhuma. Tarkace da sakin layi kafin duka, domin bayan an haɗa babu sauran alamar inda suke.

Haruffa masu ƙugiya

A misalinmu "ɗan ƙungiya" ya fito "dan kungiya", "kuɗin" ya fito "kudin". Manhajar da ke sa ran Turanci ba ta san ƙ, ɗ da ɓ ba, sai ta ba ka harafin da ya fi kama da su. Mafi yawa k, d, b, wani lokaci ɓ ta zama 6. Idan manhajarka na ba da damar zaɓar harshen takarda kuma akwai Hausa a jerin, zaɓe shi tun kafin a karanta. In babu, gyara ya zama dole.

A nan ma hannu kan yi ƙaiƙayin Replace All. Akwai kalmomin da ya halatta a yi musu, su ne waɗanda ba su da 'yar uwa marar ƙugiya: kungiya zuwa ƙungiya, kudi zuwa kuɗi, wadanda zuwa waɗanda, bangare zuwa ɓangare. Waɗannan kaɗai za su kwashe maka kaso mai yawa a takarda irin tsarin mulki, tunda su ake ta maimaitawa. Ka kunna Match case don kada babban harafi ya rikice, ka yi Ƙungiya daban, ƙungiya daban.

Sauran kuwa a bi su ɗaya-ɗaya. Ka ce a mayar da kowane "kasa" ya zama "ƙasa", sai dokarku ta koma "wanda ya ƙasa biya". "A kai maganar fada", wato gidan sarki, ba ɗaya take da "maganar faɗa" ba. Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa, gaba da gaɓa, kara da ƙara. Garin Daura ma zai iya wayar gari ya zama Ɗaura idan kana gyaran "ɗaura aure" ba ka kunna Match case ba. Akwai kuma tarkon kalma a cikin kalma: ka gyara "daya" zuwa "ɗaya", idan mai bugun farko ya haɗe "da yawa" ya rubuta "dayawa", ka samu "ɗayawa". Zaɓin neman cikakkiyar kalma kaɗai, wanda Word ke kira Find whole words only, shi ne maganin wannan. Wanda bai da haruffan a wayarsa ya ƙara Hausa a cikin harsunan Gboard.

Wani zai ce ai mu a waya ba ma sa ƙugiya kuma muna fahimtar juna. Gaskiya ne a hira. Amma takardar asali tana da su, kuma aikinka shi ne ka fito da abin da ke cikinta. Abin da ya fi muni shi ne rabi da rabi, wani wuri ƙungiya wani wuri kungiya, domin duk wanda ya bincika kalmar a fayil ɗin rabi kawai zai samu.

Alamar da ke cikin ma'aji, jama'a da 'yan ita ma takan fito kala-kala, wani wuri ` wani wuri ´ wani wuri ta ɓace gaba ɗaya. Kwafi kowace baƙuwa ka musanya ta da guda ɗaya da ka zaɓa. Wannan Replace All ba ya cutarwa. Wadda ta ɓace ce sai an nema: bincika "yan", "yar" da "yaya" ka duba su. 'Yan uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ su duba ko ƙugiyarta ta tsira.

Wani abu a gefe, don kada ka yi maganin cutar da ba ita ba. Idan ka ga kowace ƙ ta zama }, kowace ɗ ta zama ], kowace ɓ ta zama ~, ba tare da kuskure ko sau ɗaya ba, wannan ba aikin OCR ba ne. Takardar an buga ta ne da tsofaffin nau'in haruffan Hausa da ke aron waɗannan maɓallan. Albishirinka, domin musanyawa kai tsaye za ta gyara komai cikin minti biyu, sai dai ka duba ko akwai baka ta gaskiya a rubutun. Idan kuma ka ga Æ™ a wurin ƙ, ko É— a wurin ɗ, rubutun lafiyarsa ƙalau, buɗe fayil ɗin ne aka yi ba daidai ba. Rufe shi ba tare da ajiyewa ba, ka sake buɗewa ka zaɓi UTF-8. Kuskuren OCR ana gane shi da rashin tsari: kalma ɗaya ta fito daidai a sama, ta lalace a ƙasa.

Lambobi

Koma misalinmu ka dubi "N2,OOO" da kyau. Ba sifili ba ne, harafin O ne guda uku. A wasu wayoyin da ƙyar za ka bambanta. Haka 1 da l da I, 5 da S, 8 da B. Wannan zai kamo maka inda lamba ta jingina da harafin da ake tuhuma, ko da waƙafi a tsakani:

```
[0-9],?[OolISB]|[OolISB],?[0-9]
```

Amma iyakarsa ke nan. Inda manhajar ta karanta 3 a matsayin 8, ko 1 a matsayin 7, abin da ta ba ka lamba ce sosai, babu binciken da zai yi zargin ta, jan layin da ke nuna kuskuren rubutu ma ba zai fito ba. "Wata 3" da "wata 8" duk daidai suke a wurin waya. Kalmar da ta lalace jimla na tona mata asiri, lamba kuwa ba ta da mai tona ta sai hoton. Don haka kowace lamba a takardar, kuɗi, kwanan wata, lambar sashe, lambar asusu, sai an kwatanta ta da hoton an zuƙo shi sosai. Alamar ₦ ma ka kula da ita, takan fito N ko # ko wani abu daban. Digo da waƙafi kuma ɗigon datti a takarda kan rikita su, 2,000 ta koma 2.000. Idan takardar daga Nijar take, inda ake bin tsarin Faransanci, 2.000 ko 2 000 na iya zama daidai yadda aka rubuta, don haka kada ka gyara abin da ba ka gani a hoton ba.

Hanya mafi sauri ita ce mutum biyu: ɗaya na riƙe da takardar ko hoton yana karantawa a bayyane, ɗaya na bin sabon rubutun a waya. Kunne na kama layin da OCR ya tsallake gaba ɗaya, abin da kan faru inda takarda ta naɗe ko tambari ya hau rubutu, kuma babu wani bincike da zai nuna maka abin da babu shi. A takardar ƙungiya ni zan so mai karantawar ya zama ma'aji ko shugaba, don kada gobe a ce sakatare ne ya sauya doka shi kaɗai.

Ga yankin namu bayan an gama:

```
7. Kowane ɗan ƙungiya zai biya ₦2,000 wata-wata. Wanda ya kasa biya har wata uku za a kai maganarsa gaban kwamitin ladabtarwa kamar yadda sashe na 9-11 ya tanada. Ma'aji zai ajiye kuɗin a asusun ƙungiya.
```

Ban ce shafukan nan na dannawa ɗaya ba su da rana ba. Idan sakin layi biyu ne na labari kake son tura wa aboki, babu kuɗi babu doka, yi abinka, ko ma ka goge karyewar da hannu. Amma takardar da ke ɗauke da sunayen mutane, lambobin wayarsu da lambar asusu, liƙa ta a shafin da ba ka san mai shi ba miƙa masa ita ne, kuma duk matakan da muka bi a sama ana yin su a cikin wayarka ko da babu data. Idan ka tashi tura sabon kwafin, haɗa da tsohon PDF ɗin mai sikan, ka rubuta a sama sashen da taro ya amince a sauya, don duk wanda ya ga wani bambanci a wajen wannan sashen ya san kuskure ne ya sanar da kai.